Yadda na cire zagi daga rubutuna ba tare da na janye maganata ba

A Kakuri na tashi, cikin Kaduna, lokacin da jiniyar masaƙa ce ke gaya wa unguwa ƙarfe nawa. Mahaifinmu ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun ne, kuma ina ƙaramar sakandare aka rufe tasu, aka sallame su ba ko sisi. Daga nan rayuwarsa ta koma zuwa taro, yau a bakin get, gobe a ofishin ƙungiya. Yana da wani koren fayil da yake ajiyewa ƙarƙashin katifa, cike da takardun haƙƙinsa. Har Allah ya karɓi ransa fayil ɗin bai zama kuɗi ba. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane irin zuciyar da na shiga aikin kamfani da ita, da kuma dalilin da ya sa abin da ya same ni daga baya ya yi mini zafi fiye da kima.

A 2017 na samu aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Ba zan ce wurin bai amfane ni ba. A nan na yi aure, a nan na koyi lissafin kaya da kwamfuta. Duk wata ana ba mu takardar albashi, kuma a jikinta akwai layin fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, ana lissafawa a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Nawa idan an haɗa ukun naira 90,000 ne a shekarun ƙarshe. Wato ana cire mini 7,200, kamfani ya kamata ya ɗora 9,000, a zuba 16,200 a asusuna duk wata. Ina ganin layin a takarda sai hankalina ya kwanta, in ce ni kam ba zan ƙare kamar Baba ba. Saƙon da kamfanin kula da fansho yake turowa ya daina zuwa tun da wayata ta ɓata na canza layi, ni kuma ban ɗauki hakan a bakin komai ba.

Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin jigila ya yi tashin gwauron zabi, ciniki ya ja baya. A watan Agusta aka rage ma'aikata, sunana na ciki. Ban yi fushi da wannan ba, kowa yana ganin halin da ake ciki. Na zauna ina lissafin cewa doka ta yarda wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba ya karɓi kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Da wannan nake shirin biyan kuɗin haya da sayen ɗan jari. A watan Disamba na je ofishin kamfanin kula da fanshon, wata ma'aikaciya ta bugo mini bayanin asusu, ta bi layukan da biro tana saukowa, sai ta tsaya. Shigar kuɗi ta ƙarshe ta Disambar 2021 ce. Daga Janairun 2022 zuwa Agustan 2023 babu komai. Wata ashirin ke nan, naira 324,000, kuma 144,000 daga ciki gumina ne da aka cire daga albashina ina gani.

Ban san yadda na iso gida ba. Abin da nake iya tunawa shi ne ban ci abinci ba, maiɗakina ta yi magana ban amsa ba, bayan sallar isha'i na ɗauki waya na fara rubutu. Hannuna rawa yake yi. Na fara da "Ɓarayin zaune masu ɗaure da wuyan riga". Na kama sunan kamfanin, da na mai shi, da na manaja, da na akanta. Na ce sun sace mini fanshon shekara uku, sama da naira miliyan ɗaya. Na ce da kuɗinmu manaja ya sayi sabuwar mota ya kai matarsa Umara. Na tono ranar da ya zage ni a gaban direbobi, da ƙarin girman da aka ba ɗan garinsu aka tsallake ni, har da wata magana a kan ƙabilarsa wadda ba zan maimaita ba. A ƙasa na maƙala hoton wata bauca ta ofishin kuɗi da wata abokiyar aikina ta taɓa turo mini. Na rufe da Allah ya isa har sau uku.

Niyyata in sake shi a shafina da safe, don haka na tura wa wasu tsofaffin abokan aiki in ce su shirya yaɗawa. Ko minti goma ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Mai baucar ce, muryarta na rawa. Ta ce, "Yaya, don Allah don Annabi kada ka saki wannan. Mu biyu ne kaɗai muke taɓa baucar nan, ɗayan kuma ƙanin manaja ne. Kai ka riga ka fita, ni ina ciki, kuma ka san ni ke riƙe da gidanmu." Ban ambaci sunanta ko sau ɗaya a rubutun ba, amma ga shi na kusa miƙa ta da hannuna. Wannan kiran ne ya sa na dakata, ba wai zuciyata ta huce ba.

Washegari na tafi wurin Baffa, ƙanin mahaifinmu. Tare suka yi masaƙa, kuma shi ne yake rubuta wa reshen ƙungiyarsu takardun koke, har yanzu mutanen unguwa suna kawo masa wasiƙa ya gyara. Na je ne da tunanin zai goya mini baya, tunda ya san abin da aka yi wa ɗan'uwansa. Ya ce ba ya karanta dogon abu a waya, in je shagon kwamfuta a bugo masa a takarda. Da na kawo ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Ɗana, an zalunce ka, wannan babu musu. To amma me kake so takardar nan ta yi maka? Kuɗinka kake so, ko manaja ya ji kunya, ko na baya su tsira?" Na ce duka nake so, Baffa. Ya ce takarda ɗaya ba ta ɗaukar kaya uku, kuma wadda na rubuta ma ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

Sai ya miƙo mini biro ya ba ni aiki. Kowace jimla in yi mata alama ɗaya cikin uku: wadda nake da takardar shaidarta, wadda wani ya gaya mini, da wadda zuciyata ce ta ƙulla. Na zauna a tabarmarsa ina yi, raina na ƙara ɓaci, domin sakamakon bai yi mini daɗi ba. A shafi biyu cur, abu uku ne kawai ke da takarda: an cire kuɗi daga albashina, kuɗin bai bayyana a asusuna ba na tsawon wata ashirin, kuma na bar aiki a watan Agusta. Motar manaja na gani da idona, amma cewa da kuɗinmu aka saye ta ni na ƙulla. Umara jin ta na yi a bakin direbobi. Shekara uku da miliyan ɗaya kuwa takardar da ke hannuna ma ta ƙaryata su. Ban rubuta su da niyyar ƙarya ba, a daren nan haka abin ya yi mini girma a rai. Baffa ya ce in da na sake shi haka, kamfanin ba ya buƙatar ya kare kansa daga wata ashirin ɗin, ya ishe shi ya nuna cewa ba shekara uku ba ce, ba miliyan ba ce, sai kowa ya ce ashe yaron maƙaryaci ne, gaskiyar ma ta bi ruwa.

Inda muka fi daɗewa shi ne a kan "sun sace". Na kafe cewa sata ce, me ake kiran wanda ya cire kuɗinka bai kai inda ya ce ba? Baffa ya ce watakila haka ne, amma sata tana nufin ka san inda kuɗin ya tafi da niyyar wanda ya ɗauka, ni kuma ban san ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne an cire, ba a shigar ba. Ya ce in rubuta hakan, mai karatu yana da hankali, zai sa wa abin suna da kansa, kuma sunan da mutum ya sa da kansa ya fi zama a ransa. Ya kuma tuna mini cewa ɓata suna laifi ne a dokokin jihohinmu na Arewa, ga dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama mutane da ita a kan rubutu, kuma ko da mutum zai fita daga baya, wanda ba shi da kuɗin haya ba shi da na lauya. Da na kawo masa ayar Suratun Nisa'i da ta ba wanda aka zalunta damar faɗin mummunar magana a fili, sai ya ce damar ta zaluncin da aka yi maka ce, matar manaja me ta yi maka?

Ban daɗe ba na ga amfanin wannan taka-tsantsan da idona. Na koma wurin kamfanin kula da fanshon na nemi su ba ni bayanin asusun da hatiminsu, sai ma'aikaciyar ta ce bari ta duba wani abu. Ashe kamfani ba asusunka yake zuba kuɗi kai tsaye ba. A lokacin yana biya ne a dunƙule ga ma'ajin kuɗin fansho, sannan ya aika jadawalin sunaye da lambar kowane ma'aikaci da abin da ya samu. In lambar ta zo da kuskure, ko jadawalin bai zo ba, kuɗin yana nan amma ba ya shiga asusun kowa. Da aka bincika, wata huɗu na farkon 2022 an biya su, lambata ce aka rubuta ba daidai ba. Naira 64,800 ke nan. Sauran wata goma sha shida, naira 259,200, su kam ba a biya ba. "An cire, bai shiga asusuna ba" ta kasance gaskiya kafin binciken da bayansa. "Sun sace wata ashirin" da ta karye a wata huɗu.

Daga nan Baffa ya raba mini aikin gida biyu, kuma wannan rabon ne ya sauke mini rabin nauyin da ke ƙirjina. Duk abin da ke da suna da kwanan wata da adadi ya tafi cikin wasiƙa zuwa ga shugaban kamfanin. Shafi ɗaya ce: lambar ma'aikaci, lambar asusun fansho, watannin da ba a biya ba ɗaya bayan ɗaya, jimillar kuɗin, da tunatarwa cewa doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata na jinkiri. Na haɗa da kwafin takardun albashi da bayanin asusu, na ba su mako biyu, na ce bayan haka zan kai koke PenCom, hukumar da ke sa ido a kan harkar fansho ta ƙasa. Na kai da kaina, na tsaya har aka buga wa kwafina hatimin karɓa. Baucar abokiyar aikina ba ta shiga ko'ina ba, na goge ta daga wayata, domin takarduna na kaina sun isa. Da sunayen suka samu inda za su yi aiki, sai na ji ba na matse da in jefa su a bainar jama'a kamar da.

Saura rubutun da zan fitar. A nan ne na faɗa ɗaya ramin, wanda ba a cika gargaɗi a kansa ba. Da na cire zagi, sai na zarce har na cire maganar. Daftarina na biyu ya fara da godiya ga tsohon wurin aikina bisa damar da ya ba ni, ya ce an samu 'yar rashin fahimta a kan wasu haƙƙoƙi, ya ƙare da cewa komai muƙaddari ne. Na karanta wa maiɗakina. Ta ce, "Baban yara, wannan ai ba kai ba ne. Wanda ya karanta zai ɗauka kyauta suka ba ka." Gaskiyarta. Rashin fahimta ba ta faru ba, na fahimci komai sarai. Rubutun farko ya ƙara gishiri, na biyu ya rage, kuma dukansu biyun ba su faɗi abin da ya faru ba. A ganina mutane da yawa da ke cewa sun yi rubutu cikin natsuwa wannan na biyun suke yi, tsoro ne aka sa masa babbar riga.

Abin da ya fitar da ni shi ne tambayar wa nake yi wa magana. Rubutun farko da manaja nake, kowace jimla "kai" ce da "ku", alhali shi ba zai karanta don ya gyara ba, sauran jama'a kuma 'yan kallo ne kawai. Da na ajiye shi gefe na sa wani a gabana, wato yaron da ya gaje ni a sito, mai sabon aure, wanda yake ganin layin fansho a takardarsa yana jin daɗi kamar yadda na ji, sai jimlolin suka fara canzawa da kansu. Shi ba ruwansa da ranar da aka zage ni, ko ƙarin girman da aka hana ni. Waɗannan sun yi mini ciwo, amma babu abin da zai yi da su. Abin da zai iya yi da shi gobe da safe abu ɗaya ne: takardar albashi tana nuna an cire, ba ta nuna an shigar. Duk jimlar da ba ta taimaka wa wannan ba na soke ta, har da waɗanda nake alfahari da yadda suka fito.

Na kuma bi rubutun ina neman abin da zai nuna kamfanin ko da babu suna. Na cire unguwar da yake, na cire irin kayan da yake rarrabawa, na cire muƙaman mutane. Duk da haka ban ruɗi kaina ba: wanda ya san ni ya san inda na yi aiki. Don haka ma'aunina ya zama, in an kira ni gaban mai kamfanin aka karanta rubutun da ƙarfi, akwai jimlar da zan sunkuyar da kai a kanta ko in kasa fito da takardarta? Na karanta shi sau ɗaya da idon lauyansu, na sake karantawa da idon wanda zan je neman aiki wurinsa, wanda zai tambayi kansa ko haka zan yi masa in mun saɓa.

Wuri ɗaya na ƙi bin Baffa. Shi so yake rubutun ya bushe ƙayau kamar takardar koke, kada a ji ɗuriyar raina a ciki. Ni kuma na ga in babu zafin gaba ɗaya, ba wanda zai tashi ya je ya duba asusunsa, za a karanta a wuce kamar sanarwar banki. Na bar jimla biyu a kan yadda na ji da kuma mahaifina. Bambancin shi ne na faɗi abin da na ji, ban faɗi abin da su suke ba. "Ƙafafuna sun kasa ɗaukata" magana ce a kaina, ba mai iya ƙaryata ta, ba kuma mai iya kai ni ƙara a kanta. Baffa ya karanta ya yi shiru, sannan ya ce in bar su. Ga abin da na fitar, bayan na bar shi ya kwana:

"Na yi shekara shida ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa, kuma duk wata takardar albashina tana nuna an cire kuɗin fansho. Da aiki ya ƙare na je karɓar kason da doka ta yarda wa wanda ya rasa aiki, sai na tarar kuɗin wata ashirin bai shiga asusuna ba. Ranar ƙafafuna sun kasa ɗaukata, domin mahaifina ma ya rasu yana jiran haƙƙinsa na aiki. Da aka bincika, wata huɗu an biya amma da lambar da ba daidai ba, sauran goma sha shida ba a biya ba. Na rubuta wa kamfanin, maganar tana kan hanya.

"Abin da nake so duk mai aikin albashi ya sani shi ne, takardar albashi shaidar cirewa ce, ba shaidar shigarwa ba. Shaidar shigarwa tana wurin kamfanin da ke kula da fanshonka. Ka nemi bayanin asusunka, ka jera shi da takardun albashinka wata-wata. Ka tabbata lambar wayar da suke da ita ita ce kake amfani da ita yanzu, kuma lambar asusunka da ke ofishinku daidai take. In ka ga giɓi, ka tambaya a rubuce tun kana cikin aikin, ka riƙe kwafi mai hatimi. Giɓin wata biyu ya fi sauƙin cikewa a kan na wata ashirin."

Ya fi na farko gajarta sau huɗu ko fiye, kuma ya fi shi wahalar rubutawa nesa ba kusa ba. Ba zan ɓoye ba, da na sake shi ban ji sanyin da nake tsammani ba. Zagi yana da daɗin da wannan ba shi da shi. Wasu abokaina ma sun ce na ji tsoro, wani ya ce an ba ni na goro na yi shiru. Maganar ta soke ni, domin ni kaina nakan tambayi kaina ko rufe sunan bai zama rufa wa azzalumi asiri ba, alhali wasu na can suna neman aiki a wurin.

Amsar da na tsaya a kai ita ce, ni ban haramta kama suna ba. Akwai lokacinsa: in takardu sun cika, an bi ta kamfani an bi ta hukuma ba a samu komai ba, kuma mutum ya shirya ɗaukar abin da zai biyo baya shi kaɗai, ba tare da ya ja wani da ke ciki ba. A lokacin ni ban kai nan ba, wasiƙata ko mako ba ta yi a hannunsu ba. Kuma da na kama suna, ma'aikatan kamfani ɗaya ne za su ji maganar ta shafe su, saura su yi kallo su ce Allah ya kyauta. Da babu suna, kowa ya ga kamar ofishinsu ake nufi. Wani malamin makarantar kuɗi da ban taɓa sani ba ya nemi lambata ya kira ni, ya ce ya je ya duba ya tarar da giɓin wata bakwai. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce nata lafiya lau, amma ta gyara lambar wayarta. A tsohon wurin aikina kuwa, mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓo bayanin asusunsu, kuma babu wanda za a ce shi ya fitar da sirri, tunda kowa takardarsa ya nema. Abokiyar aikina tana nan a kujerarta har yau.

Kada wani ya ɗauka rubutun ne ya dawo mini da kuɗi. Mako biyun da na ba kamfanin suka wuce shiru, na aika koke PenCom da kwafin komai, har da wasiƙar mai hatimi. Bayan wasu watanni akanta ya kira ni da kansa, mutumin da na kira ɓarawo a daftarin da bai taɓa gani ba. Ya gyara lambar, wata huɗun suka shiga. Daga baya aka biya na wata goma a kashi biyu. Da muka haɗu ya ce mini ya ga rubutuna, bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ina yawan tunanin da wane ido zai kira ni da na farkon ya gani, da kuma ko zai tsaya ya bi mini jadawalin nan layi-layi.

Yanzu ina aiki a wani sito daban, albashin bai kai na da ba amma ana rufa asiri. Duk ƙarshen wata uku nakan karɓi bayanin asusuna in jera shi da takardun albashi, kuma na koya wa yaran da ke ƙarƙashina yin haka. Fushin bai tafi duka ba, yakan taso in na tuna haya ta shekarar nan da sai da na ci bashi na biya. Saura wata shida ba a biya ba, naira 97,200, ban da tarar jinkiri da har yanzu ba wanda ya tada maganarta. Na rubuta wasiƙar tuni ta biyu a makon jiya, Baffa ya duba ta ya soke mini jimla ɗaya, kuma in wa'adin ya cika shiru, wani lauya ɗan unguwarmu ya ce zai duba mini ko maganar ta isa a kai ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.